Allo, Jeri, Zanen Lokaci ko Kalanda: Yadda Ake Zaɓar Wanda Zai Amsa Tambaya Kan Halin da Aiki Yake Ciki

Masu karatu da dama da suka fara amfani da manhajojin tsara aiki irin su Notion, Asana da Trello sun yi ta maimaita tambaya ɗaya. A saman shafin aiki suna ganin `Board`, `List`, `Timeline` da `Calendar`, kuma suna son sanin wanne ya kamata su riƙe. Amsar ita ce ba a zaɓar ɗaya a zauna a kansa, domin dukansu bayani ɗaya suke ɗauke da shi, sai dai kowanne yana fito da wani ɓangare fili, yana kuma ɓoye wani. Abin da ke tantance wanda za ka buɗe shi ne irin tambayar da aka yi maka a wannan lokacin. A cikin wannan jagora zan kira su allo, jeri, zanen lokaci da kalanda, kuma zan kira kowannensu fuska.

Domin kada bayanin ya tsaya a iska, za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ɗauka cewa wata ƙungiyar ci gaban gari za ta haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, an fara ranar Litinin 3 ga Nuwamba, ana kuma son miƙa ta ga jama'a ranar Litinin 8 ga Disamba. Mutum shida ne a kan aikin, cikinsu har da injiniya, ma'aji da sakatare, kuma ana aiki daga Litinin zuwa Asabar.

## Mataki na 1: Duba abin da manhajarka ke bayarwa kyauta

Kafin ka tsara komai, tabbatar cewa fuskokin da kake buƙata suna cikin tsarin da kake kai, saboda a nan ne kuɗi ke shigowa. A Notion, dukan huɗun suna samuwa a tsarin kyauta. A Asana, tsarin kyauta yana ba da jeri, allo da kalanda, amma zanen lokaci da haɗa ayyuka masu dogaro da juna sai an biya. A Trello kuwa allo ne tushen komai, yayin da `Timeline`, `Table` da `Calendar` suke cikin tsarin `Premium`, ko da yake ana iya ƙara wa allo ɗaya kalanda kyauta ta hanyar `Calendar Power-Up`.

Kuɗin kuwa da dala ake biyansa, a kan kowane mutum, kowane wata. A farashin 2024, `Premium` na Trello dala 10 ne ga mutum ɗaya a wata idan an biya na shekara gaba ɗaya, `Starter` na Asana kuma dala 10.99. Ga kwamitin mutum shida, wannan ya kai dala 60 ko fiye a wata, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga aikin da zai ƙare cikin mako biyar. Saboda haka misalinmu zai bi Notion, ina kuma nuna inda sauran suka bambanta.

Gargaɗi: a tsarin kyauta na Notion, idan ka shigar da abokan aiki a matsayin cikakkun mambobi, akwai iyaka ga yawan abin da za ku iya rubutawa. Ka gayyace su a matsayin `Guest` zuwa shafin aikin kawai. Tsarin kyauta yana karɓar baƙi har 10, wanda ya wadatar da ƙaramin kwamiti.

## Mataki na 2: Cika gurabe huɗu kafin ka buɗe kowace fuska

Mafi yawan ƙorafin da ake yi cewa zanen lokaci ya fito fayau babu komai, ko kalanda ba ta nuna rabin ayyukan, daga wannan mataki yake tasowa. Kowace fuska tana dogaro da wani gurbi na bayani, kuma idan gurbin ba a cike yake ba, ba ta da abin da za ta nuna. Allo yana dogaro da matsayin aiki, wato `Status`. Jeri yana da amfani ne idan an rubuta mai alhakin kowane aiki a gurbin `Person`. Kalanda tana buƙatar rana ɗaya aƙalla, zanen lokaci kuma yana buƙatar biyu, ranar farawa da ranar gamawa. A Notion ana samun ta biyun ne ta kunna `End date` a cikin gurbin `Date`.

Ga ayyuka 13 na rijiyar tamu kamar yadda aka shigar da su tun farko:

1. Binciken inda ruwa yake: 3 zuwa 5 ga Nuwamba.
2. Amincewar kwamiti da biyan kason farko: 6 zuwa 7.
3. Haƙa da zura bututun rijiya: 10 zuwa 15.
4. Gwajin yawan ruwan da rijiya ke bayarwa: 17 zuwa 18.
5. Zuba kankaren ƙafar tanki: 17 zuwa 18.
6. Jiran kankare ya yi ƙarfi: 19 zuwa 25.
7. Gwajin ingancin ruwa a ɗakin gwaji: 19 zuwa 25.
8. Sayo injin jan ruwa da farantan sola: 19 zuwa 29.
9. Shimfiɗa bututu da kafa kawunan famfo: 24 zuwa 29.
10. Kafa ƙarfe da ɗora tanki: 26 zuwa 27.
11. Zura inji da haɗa sola: 1 zuwa 3 ga Disamba.
12. Gwajin ƙarshe: 4 zuwa 5.
13. Miƙawa: 8.

Ka lura da aiki na 6. Babu wanda ke yin komai a cikinsa in ban da zuba wa kankaren ruwa, amma yana cin kwana bakwai, kuma idan ba a shigar da shi a matsayin aiki mai zaman kansa ba, zanen lokaci zai nuna kamar ana iya ɗora tanki washegarin zuba kankare. Duk wani jira da ke cin kwanaki, ko na sakamako ne ko na isowar kaya, ya cancanci layinsa.

Gargaɗi: kowane aiki a ba shi mai alhaki ɗaya tak. Asana ma ba ta yarda a ɗora aiki a kan mutum biyu ba, amma Notion da Trello suna yarda, kuma da zarar an rubuta suna biyu a kan aiki ɗaya, kowannensu zai ɗauka ɗayan ne ke riƙe da shi.

## Mataki na 3: Saurari yadda aka yi tambayar

Mutane ba sa cewa a nuna musu allo ko kalanda, tambaya suke yi, kuma kalmar da tambayar ta fara da ita tana nuna inda amsar take. Idan aka ce "ina aka kwana" ko "me ya maƙale", allo ake buƙata. Idan aka ce "wa ke riƙe da kaza" ko "me ya wuce lokacinsa", jeri ne. Tambayar "za mu gama a kan lokaci kuwa", da ƙanwarta "idan wannan ya yi jinkiri me zai faru", zanen lokaci ne kaɗai ke amsa su. Wanda kuma ya ce "me za a yi ranar Laraba" ko "yaushe ake buƙatata a wurin", kalanda yake nema.

Akwai tambaya ɗaya da ba ta shiga ko'ina, wato "yaya aikin yake tafiya". Kada ka buɗe komai a kanta sai ka gane abin da ke damun mai tambayar. Shugaban ƙungiya da ya riga ya gayyaci hakimi bikin miƙawa, ranar gamawa ce damuwarsa. Ma'aji kuwa yana son sanin kuɗin da za a nema daga hannunsa a wannan makon, ko da kalmomin da suka yi amfani da su iri ɗaya ne.

## Mataki na 4: Allo, domin gano inda aiki ya tsaya

Allo yana jera katunan aiki a rukunoni daga hagu zuwa dama bisa matsayinsu. Notion tana farawa da uku, `Not started`, `In progress` da `Done`, kuma abu na farko da za ka yi shi ne ƙara na huɗu mai suna "Ana jira" tsakanin na biyu da na uku. Ba tare da shi ba, aikin da ake yi da hannu da wanda ya tsaya cik suna zaune a rukuni ɗaya, alhali raba su ne babban amfanin allo. Sannan ka ƙara wani ɗan gurbi na rubutu mai suna "Me ake jira", ka sa ya riƙa bayyana a fuskar katin tare da sunan mai alhaki.

A ɗauka yau Litinin ce, 24 ga Nuwamba, sakatare ya buɗe allo a taron safe. A rukunin da ake aiki akwai kati ɗaya, shimfiɗa bututu. A rukunin "Ana jira" akwai uku. Na kankare yana cewa ana jiran cikar kwana bakwai, na ingancin ruwa yana cewa ana jiran ɗakin gwaji, na sayo inji kuma yana cewa mai kaya ba zai ɗora su a mota ba sai an biya shi cikon kuɗi. Cikin minti ɗaya kowa ya ga cewa biyun farko babu abin da kwamiti zai iya yi a kansu, na ukun kuwa yana jiran sa hannun ma'aji ne, wanda yake zaune a wurin taron. Irin wannan amsa ce allo ya fi sauran iya bayarwa, kuma ana karanta shi ne daga dama zuwa hagu, a fara da abin da ya kusa kammala da abin da ya maƙale, kafin a waiwayi sababbin ayyuka.

Abin da allo ba ya nunawa shi ne lokaci da nauyi. Katin haƙa mai cin kwana shida da katin amincewar kwamiti mai cin kwana biyu girmansu ɗaya ne a ido. Saboda haka ganin kati biyar cikin 13 a rukunin `Done` bai isa a ce an ci kaso kaza na aikin ba, kuma kuskure ne babba a kai wa masu ba da kuɗi rahoto da irin wannan lissafi. Haka nan allo ba ya faɗa maka cewa katin sayo inji ya fi na ingancin ruwa hatsari ga ranar miƙawa, domin duka biyun a rukuni ɗaya suke, kafaɗa da kafaɗa.

Gargaɗi: allo yana yin ƙarya cikin sauƙi idan mutane suka daina matsar da katunansu. Ka ƙara gurbin `Last edited time` ya bayyana a kan kati. Duk katin da ke rukunin da ake aiki amma ba a taɓa shi ba tsawon mako guda, a tambayi mai shi kai tsaye, domin ko dai an gama ba a matsar ba, ko kuma an tsaya ba a faɗa ba. Wata alamar lalacewa ita ce rukunoni su haura shida ko bakwai, har sai an riƙa jan allon gefe kafin a ga ƙarshensa, musamman a waya.

## Mataki na 5: Jeri, domin sanin wa ke da me da abin da ya makara

Jeri shi ne fuskar da ta fi kama da takardar lissafi, kowane aiki a layinsa, gurabensa a gefe. Akwai ɗan ruɗani a sunaye da ya kamata a kauce masa: abin da Asana ke kira `List` shi ne Notion da Trello ke kira `Table`, kuma shi nake nufi a nan. `List` na Notion sunayen ayyuka ne kusan zalla, a Trello kuwa `List` sunan rukuni ɗaya ne na allo.

Jerin da ba a tace ba bai amsa komai, tarin layuka ne kawai. Ƙarfinsa yana cikin `Filter`, `Sort` da `Group`, wato tacewa, jerawa da kasawa rukuni-rukuni, kuma jeri biyu ne ake buƙata. Na farko shi ne na ayyukan da suka makara, ana gina shi da sharuɗɗa biyu:

```
Status    is not     Done
End date  is before  Today
```

Sai ka jera su daga wanda ya fi daɗewa da makara. Ranar Laraba 26 ga Nuwamba wannan jeri zai fito da layi ɗaya, gwajin ingancin ruwa, wanda ya kamata ya dawo ranar 25, tare da sunan wanda ya kai samfurin. Idan jerin ya fito babu komai, wannan ma amsa ce, kuma an same ta ba tare da an bi mutum shida ɗaya bayan ɗaya ba.

Na biyu shi ne jerin da aka kasa bisa mai alhaki, aka cire ayyukan da aka gama. A nan ne ake ganin nauyin da ke kan kowa. A misalinmu zai nuna cewa ɗora tanki, zura inji da gwajin ƙarshe duk a wuyan injiniya suke, wato idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya a makon farko na Disamba, babu wanda zai ɗauka. Jeri ne kuma wurin da ya fi dacewa da gyaran bayanai da yawa a lokaci ɗaya, da tara jimillar kuɗi idan an ƙara gurbin lamba, domin a ƙasan gurbin ana iya zaɓar `Sum`.

Gargaɗi: idan gurbin rana yana da farawa da gamawa, Notion tana ba ka damar tacewa da `Start date` ko da `End date`. Idan ka bar shi a kan ranar farawa, duk aikin da ake tsakiyar yi zai fito a matsayin wanda ya makara. Sannan ka tuna cewa aikin da ba shi da rana kwata-kwata ba zai taɓa shiga jerin makararru ba, don haka yana da kyau a ajiye ƙaramin jeri na uku mai sharaɗin `is empty` a gurbin rana, a riƙa leƙa shi sau ɗaya a mako.

## Mataki na 6: Zanen lokaci, domin sanin ko ranar gamawa tana nan

Wannan ita ce fuskar da ta fi cin aiki wajen shiryawa, ita ce kuma kaɗai ke iya amsa tambayar da shugabanni suka fi yi. Kowane aiki yana fitowa a matsayin sanda kwance, tsawonta gwargwadon kwanakinsa. Amma sanduna kaɗai ba su wadatar ba, sai an haɗa su da kibiyoyi masu nuna wane aiki ne ba zai fara ba sai wani ya ƙare. A Notion ana kunna `Dependencies` daga saitin shafin, sannan a ja kibiya daga ƙarshen sanda ɗaya zuwa farkon wata. A Asana ana amfani da `Blocked by` a cikin aikin.

Ka haɗa abin da dole ne kawai, ba abin da aka saba yi a jere ba. Gwajin yawan ruwa yana jiran haƙa. Sayo inji yana jiran gwajin yawan ruwa, domin zurfin da ruwa ke sauka da yawan da rijiyar ke bayarwa su ne ke tantance girman injin da adadin farantan da za a saya. Zuba kankare yana jiran motar haƙa ta bar wurin. Haɗa inji yana jiran isowar kaya da kuma ɗora tanki. Shimfiɗa bututu kuwa ba ya jiran ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ake buƙata kawai shi ne ya ƙare kafin gwajin ƙarshe.

Da zarar an ja kibiyoyin, sai ka nemi sarƙar da babu tazara tsakanin sandunanta. A rijiyar tamu ita ce haƙa, gwajin yawan ruwa, sayo inji, haɗa shi, da gwajin ƙarshe, kowanne yana farawa a ranar aiki ta gaba bayan na gabansa ya ƙare. Rarar da ke cikin wannan sarƙa gaba ɗaya kwana ɗaya ce, Asabar 6 ga Disamba. Layin tanki yana da rarar kwana biyu, tunda yana ƙarewa ranar 27 ga Nuwamba alhali ba a buƙatarsa sai 1 ga Disamba. Gwajin ingancin ruwa kuwa yana da fiye da mako guda. Wannan ya nuna cewa layin da ya fito a jerin makararru ranar 26 ba abin tayar da hankali ba ne tukuna, ko da yake bai kamata a cinye rararsa duka ba, saboda idan sakamakon ya zo da matsala, gyaranta ma zai buƙaci lokaci. Katin sayo inji kuma, wanda bai makara ba ko kaɗan a takarda, shi ne wanda jinkirin kwana biyu a cikinsa zai ture ranar biki.

Yanzu a koma baya kaɗan a gwada wani hali na daban. Ranar Asabar 15 ga Nuwamba mai haƙa ya kira ya ce sun ci karo da dutse, ba za su gama ba sai Laraba 19, wato ƙarin kwanakin aiki uku. Sai ka kama ƙarshen sandar haƙa ka ja ta zuwa 19, ka bi sarƙar. Gwajin yawan ruwa ya koma 20 zuwa 21. Sayo inji, mai cin kwanakin aiki 10, ya koma daga 22 ga Nuwamba zuwa 3 ga Disamba. Haɗawa ta koma 4 zuwa 6, gwajin ƙarshe 8 zuwa 9, miƙawa kuma ba za ta yiwu ba kafin Laraba 10 ga Disamba. Jinkirin kwana uku ya zama na kwana biyu a ƙarshe, saboda Asabar ɗin nan ta rara ta shanye ɗaya. Layin tanki shi ma ya matsa, zai ƙare ranar 1 ga Disamba, amma tunda ba a buƙatarsa sai ranar 4, bai shafi komai ba.

Amfanin wannan lissafi shi ne an yi shi tun ranar 15 ga Nuwamba, fiye da mako uku kafin biki, lokacin da har yanzu akwai zaɓi. Kwamiti na iya ɗage ranar tun kafin a buga takardun gayyata, ko kuma ya duba sanda mafi tsawo a sarƙar, ta sayo kaya, ya tambayi mai kaya ko za a iya rage kwana biyu idan an biya kuɗin da wuri. Matsa wa masu bututu lamba su yi sauri ba zai dawo da ko awa ɗaya ba, domin ba sa cikin sarƙar, kuma wannan shi ne irin kuskuren da ake yi idan allo kaɗai ake kallo.

Gargaɗi na farko: duba saitin matsar da ranaku kafin ka ja kowace sanda. Notion tana ba da zaɓi tsakanin matsar da ayyukan gaba idan ranakunsu sun hau kan juna kawai, matsar da su tare da riƙe tazarar da ke tsakaninsu, ko barinsu yadda suke. Na farkon ne ya dace da misalinmu, domin yana barin rara ta shanye jinkiri. Na biyun zai tura komai gaba da cikakken adadin kwanakin, har da abin da bai kamata ya motsa ba.

Gargaɗi na biyu: zaɓin kauce wa ƙarshen mako yana ɗaukar Asabar da Lahadi duka a matsayin hutu, alhali masu haƙa da magina suna aiki ranar Asabar. Idan ka kunna shi, lissafinka zai yi tsawo fiye da gaskiya, idan kuma ka kashe shi, manhajar za ta ƙirga Lahadi cikin ranakun aiki. Hanyar da ta fi aminci ita ce bayan kowane ja, ka bi sandunan sarƙar ɗaya bayan ɗaya ka ƙirga kwanakin aikinsu da kanka. Kuma wannan aiki ne na kwamfuta, a fuskar waya sanduna biyu ko uku kawai ake gani a lokaci ɗaya, kibiyoyin ma da ƙyar ake binsu.

## Mataki na 7: Kalanda, domin ranakun da ake buƙatar mutane

Kalanda ba ta san dogaron ayyuka da juna ba, abin da ta sani shi ne rana, kuma a nan ta fi kowa. Bayan zanen lokaci ya ce miƙawa ba za ta yiwu ba kafin Laraba 10 ga Disamba, kalanda ce za ta nuna cewa Laraba ranar kasuwar garin ce, mutanen da aka yi rijiyar dominsu ba za su halarta ba, don haka Alhamis 11 ta fi dacewa. Domin ta iya yin hakan, dole a shigar mata da ranakun da ba na aikin ba amma suke shafarsa, kamar ranar kasuwa, hutun gwamnati da bankuna ke rufewa, da ranar da shugaba ba ya gari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin dukan ayyuka 13 su bayyana a kanta. Ayyuka masu tsawon kwanaki suna shimfiɗuwa a kan mako gaba ɗaya, su tura ƙananan abubuwa masu muhimmanci ƙasa har su ɓace. Maganinsa shi ne ƙara gurbin `Checkbox` mai suna "Rana mai muhimmanci", a yi masa alama a kan taron kwamiti, ranakun biyan kuɗi, isowar kaya, gwajin ƙarshe da miƙawa, sannan a tace kalandar ta nuna waɗannan kaɗai. Irin wannan kalanda ce za a iya ɗaukar hotonta a aika wa dattawan ƙungiya da ba sa shiga manhajar.

Gargaɗi: jan kati daga wata rana zuwa wata a kalanda yana canza ranar aikin a ko'ina, ba a kalandar kaɗai ba. Tunda kibiyoyin dogaro ba sa bayyana a nan, mutum na iya matsar da isowar kaya da kwana biyu ba tare da ya ga abin da ya ture ba. A yi canjin rana a zanen lokaci, a zo kalanda a duba ko sabuwar ranar ta yi karo da wani abu.

## Mataki na 8: Adana kowace fuska da sunan tambayarta

Bayan ka gina su, kada ka bar su da sunayen da manhaja ta ba su. Ka sauya sunan allo zuwa "Me ya maƙale", jerin farko zuwa "Me ya makara", na biyu zuwa "Aikin kowa", zanen lokaci zuwa "Za mu gama yaushe", kalanda kuma zuwa "Ranakun da ake buƙatarmu". Wanda bai taɓa koyon manhajar ba zai iya samun amsarsa da kansa idan sunan maɓallin shi ne tambayar da ke bakinsa. A Notion, tacewar da ka yi tana zama taka kai kaɗai har sai ka danna `Save for everyone`, kuma rashin danna shi ne ke sa mutum biyu su buɗe fuska ɗaya su ga abubuwa daban.

A taron mako, wanda aka fara buɗewa da wanda ya biyo baya yana da tasiri. A fara da jerin makararru domin a san abin da ya kauce wa tsari, sai allo domin a ji dalilin tsayawar kowanne da wanda zai warware shi. Daga nan a shigar da sababbin ranakun a zanen lokaci a ga ko ranar miƙawa ta motsa, a ƙarshe a buɗe kalandar mako mai zuwa a tabbatar kowa ya san ranar da ake buƙatarsa. Idan aka fara da zanen lokaci kafin mutane su gyara matsayin katunansu, lissafin zai ginu ne a kan bayanin makon jiya, don haka sakatare ya nemi kowa ya sabunta ayyukansa tun daren da ya gabaci taron.